A gida ina cin 270, a JAMB 198 na samu

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki bani shawara, kaina ya ɗaure. Bara na zana JAMB, nasin nake nema, a gida in na yi fas kwashin na yi wa kaina maki ina samun 260 zuwa 270, amma da sakamako ya fito 198 na gani. Wallahi ba na leƙen amsa, kuma duk wadda na faɗi sai na koma na karanta ta. Malamin lesin ɗinmu ya ce bana in riƙa saka lamba a gefen kowace tambaya gwargwadon yadda na tabbatar da amsata, wai har waɗanda na ci sai na sake dubawa. Ni kuma gani nake ɓata lokaci ne, abinda na riga na ci me zan duba a ciki? Ko dai ni ce bani da sa'ar jarabawa?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Sa'a kam kina da ita, ta ma yi miki yawa, a gida ne take zuwar miki kina lissafa ta a matsayin karatu. Malaminku ya yi gaskiya, sai dai ina ga bai zauna ya nuna miki dalili ba, shi yasa kike ganin kamar aikin banza ya ɗora miki.

Bari mu fara da lissafi, mai sauƙi ne. Kowace tambaya ta JAMB zaɓi huɗu gare ta, A zuwa D. Da za ki ɗauko ƙaninki ɗan firamare ki zaunar da shi gaban tambayoyin kemistiri guda 40 ki ce ya yi ta dannawa ido rufe, wajen 10 zai ci, ɗaya bisa huɗu kenan, alhali bai san ko sunan darasin ba. To ke ma duk inda kika yi canki-canka haka abin yake aiki, in kika canka guda huɗu, ɗaya za ta faɗa daidai uku su faɗi. Ukun nan kina ganinsu, jan biro ya hau kansu, kin koma kin karanta. Ɗayar kuwa ta shige cikin sahun waɗanda kika ci ta ɓuya, an yi mata alamar daidai irin ta sauran, ba abinda ya bambanta ta da tambayar da kika sani kamar sunanki. Shi yasa nake ce wa ɗalibaina duk inda kuka ga faɗuwa uku ta canka, ku nemi 'yar uwarsu ta huɗu, tana nan cikin waɗanda kuka ci. Kuma ita ce ta fi haɗari don ba mai komawa kanta.

Yanzu yadda ake yin abin. Ki samu littafi na daban mai layi, kada ki rubuta cikin littafin fas kwashin ɗin kansa, domin za ki sake dawowa kan tambayoyin nan gaba kuma ba ma so ki tarar da sawunki. Kowane layi lambar tambaya, harafin da kika zaɓa, sai lambar tabbaci a gefe. Lambobi uku sun isa. 3 ki bai wa tambayar da in aka tsayar da ke gaban aji za ki iya faɗin dalilin amsar. 2 ki bai wa wadda kika kore zaɓi biyu, kika tsaya tsakanin biyu, sannan kika ɗauki ɗaya. 1 kuma canka ce zalla, ko kuma kin ji dai amsar ta kwanta miki a rai amma ba ki san me yasa ba. Na ga masu yin daga 1 zuwa 10, wallahi wahalar da kai ne, sai ki ga yarinya ta tsaya tana shawara da kanta wai 6 ce ko 7, tunanin da ya kamata ya tafi kan tambaya ya ƙare kan lamba. A ainihin jarabawar tambaya 180 ce cikin awa 2, in kin raba daƙiƙa 40 kowace tambaya take samu, saboda haka saka lambar nan kada ya ci miki fiye da daƙiƙa biyu uku. Abinda ya fara zuwa ranki shi za ki rubuta ki wuce.

Sharaɗi ɗaya ne ba na sassauci a kai, lambar a lokacin da kika amsa za ki saka ta, kafin ki buɗe shafin amsoshi. In kika bari sai kin ga amsa, shikenan an gama, domin zuciya maƙaryaciya ce a wannan wurin, da zarar kin ga B ce daidai kuma B kika zaɓa nan take za ki ji ai dama na sani, kuma ba wai kina yaudara da gangan ba ne, da gaske haka za ki ji. Shi yasa ma nake cewa da biro za a rubuta lambar, banda fensir.

To mu ɗauki takarda ɗaya mu bi ta, misali ce nake ba ki amma irin ta na sha gani. Kin yi kemistiri tambaya 40, kin ci 29. A tsohon salonki sai ki ce alhamdulillahi, in aka mayar bisa ɗari ya haura 72, ki karanta 11 ɗin da kika faɗi ki rufe littafi. Amma yau akwai lambobi a gefe, sai kika ƙirga kika ga masu 3 guda 18 ne, kin ci 16 kin faɗi 2. Masu 2 guda 12, kin ci 8. Masu 1 guda 10, kin ci 5. Haɗa 16 da 8 da 5, ga 29 ɗinki nan. Amma abinda yake naki na halak malak 16 ne, sauran 13 ɗin akwai hannun sa'a a ciki, wasu kaɗan wasu da yawa. Ranar da sa'a ta zo daidai wa daida, ba ta yi miki kara ba kuma ba ta cuce ki ba, masu 2 ɗin nan rabi za ki ci wato 6, masu 1 kuma biyu ko uku, kin ga kin dawo 24 ko 25 kenan. Ranar da ta juya baya kuwa sai ki ga 21. Ki yi wannan ragin a darasi huɗu ki ga inda 270 za ta sauko. Ba na ce shi kaɗai ne ya kai ki 198 ba, akwai lokaci, akwai rawar jiki gaban kwamfuta, akwai maimaita tambayoyin da kika riga kika gani wanda zan zo kansa, amma ba ƙaramin kaso yake ɗauka ba.

Kuma ki lura da wani abu, aikin bita ya tashi daga tambaya 11 ya koma 24, wato 11 ɗin da kika faɗi da 13 ɗin da kika ci cikin shakka. Na san ya yi yawa. Shi yasa mai bin wannan hanya ba zai iya yin takarda uku a rana ba, kuma ba a so ma ya yi. Takarda ɗaya da aka yi wa bita har ƙashi ta fi min guda biyar da aka yi wa maki aka jefar.

Ta ina za a fara? Ni dai da masu 3 ɗin da kika faɗi nake farawa, guda biyun nan. Su ne wuraren da kika san abu amma ba daidai kika san shi ba, kuma a ɗakin jarabawa ba za ki ko tsaya ki sake kallonsu ba tunda kin yarda da kanki. Daɗin abin su ne suka fi saurin gyaruwa, mamakin da mutum yake yi in ya ga abinda ya rantse a kai ba haka yake ba yana sa gyaran ya zauna daram. Sai dai ki duba littafin karatu kafin ki yanke wa kanki hukunci, domin littattafan fas kwashin na kasuwa wasu lokuta amsar da suka buga a baya ce ba daidai ba, na sha kama irin haka. In kin saka 3, kina da hujja, littafin ya ce kin faɗi, to ki kai wa malaminku ya raba gardama.

Daga nan sai inda tambayarki take, masu 1 da masu 2 da kika ci. Me za a duba a abinda aka riga aka ci? Ga misali. An tambaye ki da me ake busar da iskar amoniya, aka ba ki H2SO4 mai ƙarfi, CaO, CaCl2, da P4O10. Kin zaɓi CaO, kin saka 2 a gefe saboda kin kore asid ɗin da P4O10 amma kin yi ta kai-kawo tsakanin CaO da CaCl2, daga ƙarshe kika ce bismillah kika danna. Kin ci. To bita a nan ba sake karanta amsar ba ce, amsa kin riga kin gan ta. Bita ita ce ki rufe littafi ki rubuta layi ɗaya kan me yasa CaO ta yi, sannan layi ɗaya-ɗaya kan me yasa sauran ukun ba su yi ba. Amoniya bes ce, saboda haka duk abin busarwa mai ɗabi'ar asid zai haɗu da ita ya cinye ta maimakon ya tsotse ruwan kawai, wannan ya fitar da H2SO4 da P4O10. Ita CaO bes ce kamar amoniyar, ba ruwanta da ita, danshin kawai take ɗauka. CaCl2 kuwa, wadda ta rikita ki, haɗewa take yi da amoniya su zama wani abu daban, shi yasa ba a amfani da ita duk da tana busar da wasu iskokin lafiya lau. Kin ga layin ƙarshen nan shi ne ramin da ke cikin karatunki, kuma da kin bi alamar daidai kawai da ba za ki taɓa sanin yana nan ba. Baɗi ba lallai su sake tambayar amoniya a haka ba, suna iya juya ta su ce wanne ne ba ya dacewa, ko su kawo wata iskar mai ɗabi'ar asid inda CaO ɗin ce za ta zama amsar banza. Wadda ta haddace cewa abin busarwa shi ne CaO za ta danna ta da murna ta faɗi, wadda ta riƙe dalili za ta wuce.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, in kin iya bayanin zaɓi huɗun duka ba tare da leƙe ba, tambayar ta zama taki. In uku kika iya, da saura. Kuma masu 2 ki riƙa rubuta harafin da kika bari a gefe, misali B amma na so C, domin yawanci ba darasin gaba ɗaya ne ba ki sani ba, abu biyu ne masu kama suke rikice miki, kuma in kika tara su na sati biyu za ki ga su ɗin dai ne suke ta dawowa.

Yanzu ga wata sa'ar da ta fi canka iya ɓuya, ita ce nake zargin ta fi cutar da ke tunda shekara ta biyu kenan kina juya littafi ɗaya. Tambaya ta zo, lambar oksideshan ta Mn a cikin KMnO4, idonki na sauka kika ga +7 kika danna, ko daƙiƙa biyar ba a yi ba, kika saka 3 da ƙarfinki. Amma tsaya, lissafawa kika yi ko tunawa? In sau huɗu kika taɓa ganin tambayar, to ido ne ya gane ta kamar yadda ake gane fuskar mai kayan miya a kasuwa ba tare da an san sunansa ba. Gwajin mai sauƙi ne, ki canza tambayar kaɗan ki ga ko za ki tsira. Mn a cikin K2MnO4 fa? In kin san hanyar za ki ce K biyu sun ba da +2, O huɗu sun ba da -8, dole jimla ta zama sifili, saboda haka Mn +6 ce. In kuma hannunki ya tafi kan +7, ko kika tsaya kina kallon silin, to 3 ɗin nan ta bogi ce. Saboda irin wannan nake sa ɗalibai su ƙara harafi ɗaya, duk tambayar da suka ji sun taɓa ganinta kuma sun tuna amsar su saka T a gefe maimakon lamba, ma'ana tunawa na yi. Duk mai T ba a lissafa ta cikin maki, sai an canza mata lambobi ko an juya ta an sake warwarewa. Ranar farko da kika yi haka makinki na gida zai faɗo sosai, kada ki tsorata, ba karatunki ne ya ragu ba, ma'aunin ne ya daina yi miki ƙarya.

A tambayoyin lissafi na fizis da kemistiri akwai kuma cin da ake yi ta gurguwar hanya, mutum ya gwada zaɓi ɗaya-ɗaya har wani ya yi kama, ko ya ɗauki wanda ya fi kusa da abinda ya samu duk da bai fito cif ba. A ɗakin jarabawa wannan dabara ce, ban hana ba. A gida kuwa 1 ce, ko da kin ci.

Abu na gaba shi ne su kansu lambobin sai an duba lafiyarsu, don ba kowa ne ya iya auna kansa ba. Bayan kin yi kamar takarda biyar, ki tara masu 3 duka ki ga kaso nawa kika ci. Ya kamata a ce cikin goma kina cin tara. In bakwai kike ci ko shida, to kina rabon 3 kamar goron biki, ki ƙara tsauri, kada ki saka ta sai kin faɗi dalilin a zuciyarki tukuna. Akwai kuma akasin haka, kuma na fi ganinsa wajen 'yan mata masu ƙoƙari. Na taɓa koyar da wata yarinya, kusan komai 1 take sakawa, da muka ƙirga sai ga shi tana cin fiye da rabin waɗanda ta kira canka, takarda bayan takarda. To canka ba ta ba da haka, ɗaya bisa huɗu take bayarwa, in ta yi kirki sau ɗaya ba za ta yi ta yi kullum ba. Yarinyar ta san abin, tsoro ne kawai, kuma tsoron yana sa ta koma ta canza amsar da ta yi daidai. Irinta maganinta daban, ba ƙarin karatu take buƙata ba kamar ta koyi tsayawa kan amsarta. Saboda haka kada ki ɗauka tun yanzu kin san wace iri ce ke, ki bari lambobin su faɗa miki.

Su kuma masu jera 2 daga sama har ƙasa don kada a kama su, sun ɓata biro ne kawai. In kika ga rabin takardarki 2 ce, ki tambayi kanki wane zaɓi biyu na kore, in ba ki iya nuna su ba to 1 ce.

Bayan bita, tambayoyin da kika ci da sa'a kada ki sallame su ranar. Ki kwashe lambobinsu da shekararsu zuwa bayan littafinki tare da waɗanda kika faɗi, wuri ɗaya, matsayinsu ɗaya. Bayan kwana uku ki sake yin su, sannan bayan sati ɗaya ko kwana goma, kuma a nan ki rufe zaɓin da hannu ko da takarda ki fara samar da amsar daga kanki kafin ki duba A zuwa D, in ba haka ba T za su koma. Wadda kika ci sau biyu a jere da 3 ta gaskiya sai ki soke ta. Ki riƙa rubuta sunan babin a gefe kuma, domin in kika ga masu 1 guda shida duk daga babi ɗaya suka fito, misali lissafin mol, to ba tambayoyi shida ne matsalar ba, babin ne ba ki iya ba, ki ajiye fas kwashin ki koma littafin karatu da manhajar JAMB kwana biyu.

Ingilishi ki ɗan yi hattara da shi, shi ne mai tambaya 60 kuma a nan hanyar take ɗan rauni. Sau da yawa mutum yana sanin amsa daidai ce don kunnensa ya saba, ba zai iya kawo ƙa'ida ba, kuma wannan sani ne na gaske ba sa'a ba. To a ɓangaren cike gurbi da ma'anar kalmomi, in kin iya saka kalmar cikin jimlar kanki ki ba ta 3 ko da ba ki san sunan ƙa'idar ba. A ɓangaren karanta labari a amsa kuwa, 3 sai in kin iya ɗora yatsa kan layin da amsar ta fito.

Kada kuma ki fahimce ni a baibai ki ce Anti ta hana canka. Ranar jarabawa ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka ko ɗaya kada ki bari ba amsa, wadda ba ki sani ba ki kore abinda za ki iya korewa ki danna ki wuce. Amfanin da lambobin za su yi miki ranar shi ne kin riga kin saba jin bambancin 3 da 2 a jikinki, sai ki rubuta lambobin masu 2 a takardar lissafi in an ba ki, in lokaci ya rage su za ki koma wa, domin su ne minti ɗaya na ƙarin tunani yake iya juyawa. Masu 1 ko kin koma ba abinda zai sauko daga sama, masu 3 kuma ki ƙyale su yadda suke.

Gobe ki nemi shekarar da ba ki taɓa taɓawa ba, in duk kin zagaye littafinki ki ari na wata, ki ɗauki kemistiri kawai, tambaya 40, ki saita agogo minti 27, ki yi da lambobin da T ɗin. In kin gama ki turo min lamba huɗu, nawa kika ci gaba ɗaya, nawa ne masu 3 da kika ci, nawa ne masu 3 da kika faɗi, sai nawa ne T, daga nan zan gaya miki ko babi za ki koma ko takarda za ki ƙara. Ki gaida malamin naku.